Zabin da na aika wa malamar jikata

Tun farko bari in sauƙaƙa wa mai karatu: wawan labarin ga ni ne, kada ya wahala nema.

Jikata tana karatun aikin gona a Sakkwato. Tun tana rarrafe nake kiranta amaryata, kakanta na wajen uwa da ke garin Isa shi ma haka yake kiranta, don haka mun daɗe muna takara. Shi tsohon malamin gona ne mai fansho da tabarau. Ni aji huɗu na yi, amma rabin wasiƙun da suka fita unguwarmu a Sabon Birni da hannuna aka rubuta su, kuma ban taɓa jin wanda aka kama saboda su ba.

An ba su aikin auna danshin ƙasa, ta ɗebi tata a gonata ta Gangara. Yadda ta bayyana mini, ana auna nauyin ƙasar, a sa ta a wata na'ura mai zafi ta kwana ta bushe sarai, a sake aunawa, bambancin shi ne ruwan. To, na'urar ta mutu ƙasar na ciki, rabi bushe rabi ɗanya, ga ranar miƙa rahoto ta matso. Wanda bai miƙa ba ya rasa makin, kuma makin nan zai iya sa mutum ya maimaita kwas ɗin baɗi. Shi ya sa ta zo gida ɗibar sabuwar ƙasa, ta zauna ƙarƙashin darbejiyata tana rubuta wa malamarsu takardar roƙon ƙarin lokaci.

Na gyara zama, na yi tari, na fito da alƙalamina inda za ta gan shi. Sai ta ɗauki waya ta kira kakan nata na Isa.

A gabana ta karanta mai. Layi kaɗan: sunan kwas, ranar da na'ura ta lalace, awon farko da ta riga ta yi, da ranar da take roƙon miƙawa. Ina jin muryarsa yana cewa ta kai wa ma'aikacin ɗakin gwajin ya sa hannu ya shaida lalacewar, kuma ta miƙa kafin wa'adi ya cika. Ta ce, "To, angona." A gidana, kan tabarmata, ƙasar ma tawa.

Na ce mata wannan ba wasiƙa ba ce, sammaci ne. Ina gaisuwa? Ina tambayar iyali da ruwan bana? Wa ya taɓa roƙon babba hannu sake?

"Kaka, malamarmu ba ta da lokacin karanta gaisuwa," in ji ta.

Na ce za ni nuna mata yadda manya ke roƙo. Ta yi dariya, ta zaci wasanmu ne.

Da ta koma, na zauna na rubuta tawa. Shafin farko gaisuwa ce zalla. A na biyu na gabatar da kaina a matsayin mai ƙasar da ake magana a kanta, na kuma ambata, don gaskiya kawai, cewa kakan na Isa bai da gona ko ta kaza. Na ɗaure zabi biyu masu ƙiba, na ba direban da ke zuwa Sakkwato, na kwatanta mai sashensu da sunan malamar kamar yadda na ji a bakinta.

Direban ya cika amana fiye da kima. Har ofis ya kai su, ɗalibai na tsaye a ƙofa, zabi na ihu. Ashe tun safe malamar ta amince da ƙarin lokacin, don ma'aikacin ya sa hannu kuma ba jikata kaɗai abin ya shafa ba. Sai ga tsuntsaye da sunan yarinya a wuya. Ta kira ta ta tambaye ta, ba wasa a fuska, ko maki take son saye. Yarinya ta yi rantsuwa har da hawaye. Abin da ya cece ta wasiƙata ce: malamar ta karanta ta har ƙarshe, ta ce babu ɗalibin da zai iya ƙirƙiro wannan.

An gyara na'ura, ta miƙa rahotonta. Zabin kuwa aka maido su cikin motar da ta kai su, sun rame. Jikata ta yi wata ba ta kira ni ba, na Isa kuwa yana jin labarinta kullum.

Duk da haka na ce wa maiɗakina, tana tankaɗe, ai ko ba komai an karanta rubutuna a jami'a, abin da mai tabarau bai taɓa samu ba. Ba ta ko ɗago kai ba.

"Malam, ita mako guda ta roƙa a ƙara mata. Kai saura kaɗan ka sa a ƙara mata shekara."