Gida Tara da Na Goge

Ranar da shugabar ofishinmu na Kalgo ta miƙo mini bayanan binciken rijiyoyin ƙauyukan Gwandu a manhajar Excel, ta ce, "Malam, taƙaitawa nake so kafin la'asar." Sunan maigida ɗaya na gani har sau goma daga wata unguwa a ƙauyen Ceberu. Raina ya ɓaci, na ce ma'aikatanmu sun maimaita. Na zaɓi layin suna kaɗai, na danna umarnin cire maimaici, tara suka tafi.

Ni da aka haifa a yankin nan, na manta yadda gidaje ke sa wa 'ya'ya sunan malami guda! Rahoton ya nuna unguwar ba ta da jama'a. Aka kai rijiyar da za a haƙa musu zuwa ƙauyen Dalijan. Har yau matan unguwar na tafiya rafi ɗebo ruwa.