Waɗanda Suka Rage Bayan Sallah

Ni na jawo wa kaina, da bakina. A lokacin ina aiki a wani ɗan ofis a unguwar Mohandessin, a Masar, kamfanin da ya yi manhajar koyon karatun Alƙur'ani da tajwidi. Darussan farko kyauta ne, sauran sai ka biya a cikin manhajar. An ɗauke ni na gwaji, in yi musu talla da Hausa. Na gama karatu, tallafin karatun ya ƙare, ga iyali a unguwar Ard al-Liwa. In aikin nan ya kuɓuce, sai haɗa kaya mu koma gida.

Mu biyu ke talla. Abokin aikina Bamisire ne, shi nasa tallan a cikin wasannin waya yake sa shi: ka sauke manhajarmu, a ba ka ladan wasa. Mutane suka yi ta saukewa a araha. Nawa kuwa bidiyo ne da muryata, kuma duk mutum ɗaya da ya sauke ta hanyata, kuɗin tallansa ya ninka na abokin aikina. Ranar taro mai kamfanin, wata mace mai ƙarancin magana, ta dubi allon ta dube ni.

"Ya ustaz, mutanenka suna da tsada."

Raina ya ɓaci, ni kuma in raina ya ɓaci bakina ba ya da birki. Na ce, "Madam, saukewa ba ciniki ba ne. A duba su wa suka sake buɗewa washegari, su wa suka kai mako, su wa suka kai wata. A duba su wa suka biya. Sai a raba kuɗin tallan a kan waɗanda suka zauna, a ga mai tsadar."

Aka duba. Mutanen abokina sun karɓi ladansu sun goge, ƙalilan ne suka kwana. Nawa suna nan har mako. Na fara gyara zama ina jin kaina.

"Tamam, na yarda," in ji ta. "Amma azumi ake. Wa ba ya buɗe Alƙur'ani da azumi? Watan mutanenka zai cika bayan Sallah. A nan za mu yi magana, a kan zaman da kuma sayen."

Gaskiya ta faɗa. Ni kaina na san yadda sahu ke raguwa a masallacin unguwarmu da an sha ruwan ƙarshe.

Sauran azumin nan ban ji daɗinsa ba. A mikrobas, 'yar motar haya, waya na hannuna, a layin burodi waya na hannuna, ina duba layin jadawalin da ke nuna masu dawowa manhajar kamar mai jinya. Matata ta gaji ta ce, "Malam, kallon da kake masa ba zai sa ya tashi ba." Na ce ta bar ni. Ran Sallah muka je unguwar Darrasa gaida 'yan uwa ɗalibai, ana ta raha, ni ina leƙen wayoyin mutane in ga ko manhajar na nan. Har na tambayi wani ɗan Damagaram. Ya ce ma'alish, in yi haƙuri, ya goge ta jiya, hotunan Sallah sun cika masa waya. Na yi dariyar yaƙe.

Bayan Sallah layin ya zubo. Ya yi ta zubowa har na daina cin abincin kirki, sannan ya tsaya. Waɗanda suka rage ba su da yawa, amma kullum sai sun buɗe, galibi bayan asuba. Wajen sayen ne abin ya yi sanyi. Kuɗin da suka shigo bai kai wanda aka kashe ba.

Ranar hukunci Madam ta sa aka rarraba mutanena ƙasa-ƙasa. Nan abin ya fito fili. Na gida, Najeriya da Nijar, su suka fi kowa naci, amma a ƙofar biya suke tsayawa. Wasu sun danna, katin banki ya ƙi. Wasu ko katin babu. Masu biyan Hausawan waje ne, na Saudiyya da Turai da nan Masar, kuma su kaɗai in aka ware, sun mayar da kuɗin tallansu har da ɗori.

Na ce a ba ni lokaci, a nemo wa na gida wata hanyar biya. Ta ce za a duba, amma ba bana ba.

"Khalas, shi ke nan, ka zauna, aikin naka ne. Tallan wasannin mun rufe shi. Naka kuma ka bar shi a ƙasashen da ake biya kaɗai."

Na ce na gode, kuma har zuciyata na gode. Na koma kujerata na buɗe wurin da ake zaɓen ƙasashen da talla zai je. Abokina ya miƙo mini shayi yana taya ni murna, yana cewa mabruk. Na cire Nijar. Na daɗe hannuna na kan Najeriya, shayin na hucewa, kafin na cire ta ita ma.