Ramukan rini uku da layin da na cire

A shekarun da nake sashen Hausa na gidan rediyo a Garuwa, aikina na safe shi ne sanarwa. Takardu suna zuwa da Faransanci daga ofisoshi, ni kuma in mayar da su yadda mai sayar da goro a kasuwa zai gane. An san ni da iya wannan, kuma ina jin daɗin an san ni.

Wata Talata ofishin filaye ya aiko da takarda. Wani ɗan kasuwa a unguwar Roumdé Adjia yana neman takardar mallakar fili, an auna, an kafa duwatsun iyaka. Sanarwar ta ce duk mai ja yana da kwana talatin daga ranar da aka buga ta a jaridar gwamnati. Sai ya rubuta ƙorafi, ya liƙa tambur, wato kan sarki na gwamnati, ya faɗi sunansa da hujjarsa, ya kai ofishin filaye. Wanda ya bari wa'adin ya wuce, ba za a saurare shi ba.

Na fassara duka. Da na karanta a bayyane sai na ji ƙarshen ya yi kaushi, kamar ina yi wa dattawan gari barazana da bakina. Ga shi minti ɗaya aka ba ni. Na soke zancen rubutu da tambur, na soke layin ƙarshe. Abin da ya fita a iska shi ne: duk mai magana a kan filin, ya hanzarta ya sanar da hukuma cikin wannan wata. Ya yi santsi. Shugaban sashenmu har ya gyaɗa kai ta bayan gilashi.

A gefen filin akwai wani tsohon marini, abokin mahaifina tun suna samari. Ramukan rini uku yake da su, gadon ubansa. Ranar da aka yi awo yana Marwa wajen ta'aziyya, ya dawo ya tarar dutsen iyaka ya haɗa da ramukan.

Bayan sati biyu na same shi a majalisar ƙofar masallaci, an idar da la'asar.

"Ga mai rediyo," in ji shi. "Zo nan, ɗana. Ka yi mini aiki ba ka sani ba."

Na durƙusa na gaishe shi.

"Da na ji muryarka, washegari na sa babbar riga, na ɗauki mai unguwa, muka tafi ofishin sufurefe. Wani mai tabarau ya ba mu kujera, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce an ji." Ya juya ga mutane. "Yaron nan in ya yi magana, ko akuyata sai ta gane. Su kuwa masu Faransanci, su kansu ba su san me suka rubuta ba."

Aka yi dariya. Wani ya ce ai shi ma marinin bai fi akuyar da yawa ba, aka ƙara.

Nan take na gane abin da ya faru. Bai rubuta komai ba, kuma ofishin sufurefe da ya je na shugaban gunduma ne, ba ofishin filaye ba. Akwai sauran kwanaki. Abin da ya rage kawai in ce, Baba, ban faɗa muku duka ba. Mutum goma sha ne zaune, duk suna kallona da murmushi. Na ce, "Madalla, Baba." Na ce a raina gobe zan je gidansa mu yi magana mu biyu.

Washegari aka tura ni rakiyar rangadi a ƙauyukan auduga. Da na dawo na yi ta ɗagawa, ina ce wa kaina mai tabarau ya san aikinsa, zai faɗa masa. Sai da ɗan kasuwa ya sauke bulo a bakin ramukan tsohon ya je wurin mai rubuta wasiƙa a ƙofar gidan waya, aka yi masa ƙorafi da tambur. Wa'adi ya riga ya wuce.

Amsar ta zo da Faransanci, kuma ni ya aiko wa in karanta masa. Na same shi a zaure, hannayensa shuɗi har gwiwar hannu. Na karanta layi bayan layi, ban tsallake komai ba: ƙorafin ya zo a makare, an ba da takardar mallaka, kuma doka ta ce ba a warware ta.

Ya miƙo hannu ya karɓi takardar. Sannan ya ce, "Wannan ba ta kai ta rediyo daɗi ba."

"Baba, ta rediyon ma da wannan maganar a ciki. Ni na cire."

Ya dube ni, ya naɗe takardar gida huɗu, ya sa ƙarƙashin tabarma.

"Ranar nan a masallaci, ka sani?"

"Na sani, Baba."

"To." Ya miƙe da ƙyar. "Ka gaishe da babanka. Ina da zane a rami, in kwashe kafin magina su zo."