Gwangwanin da aka rataya wa 'yata

Shekarar da muka koma Funtua daga Ƙarfi, mun sa autata a makarantar kuɗi. A can, duk yaron da ya yi Hausa sai a rataya masa gwangwani a wuya. Autata Turanci take yi, amma maimakon "school", "sukul" take cewa, malaminsu kuwa ya ce Hausa ce. Kullum da shatin igiya take dawowa.

Na kai kuka wurin yayana, mai koyar da Hausa a sakandare.

Ya ce, "Ke da kike cewa burodi da direba, wa ya rataya miki gwangwani? Gaɓar Hausa da baƙi ɗaya take farawa, sai wasali. Baƙaƙe biyu a jere sun fi wuyar furtawa, na farkon ma yakan ɓace wa kunne. Turanci ya yarda da su, harshenmu bai yarda ba, sai mu cusa wasali a tsakani. Larabci ma ai ba a fara kalma da ɗauri."

Washegari na sa hijabi na je wurin malaminsu. Na ce, "Malam, don Allah, harshenta ne bai saba ba, da sannu za ta koya."

Ya ce, "Hajiya, turanta yara ake biyana in yi."

Ya dai daina rataya mata. Amma yarinyar ta riga ta gano cewa wanda ya yi shiru ba a kama shi. Har ta gama firamare ba ta ƙara ɗaga hannu a aji ba.