Bashin Babur a Albashin Yaya

Yayata unguwarzoma ce a wani ƙaramin asibiti a gefen Kafin Hausa. Tun shekarun da aka ƙaddamar da shari'a ta kama aiki, kuma ba ta taɓa bin takardar albashinta layi-layi ba. Abin da ya shigo banki shi ne rabonta. Sai da kuɗin makarantar 'yarta ya gagara, sannan ta ɗauki hoton takardar daga fuskar wayarta ta turo mini, ina zaune a gida a unguwar Takur cikin Dutse bayan la'asar.

"Duba mini, auta," in ji ta a saƙon murya. "Kamar albashin nan ramewa yake."

Na buɗa hoton da yatsu biyu. Gundarin albashi dubu sittin, alawus dubu ashirin, jimilla tamanin. A tsarin wurin aikinsu, kashi takwas cikin ɗari na gundarin ake cira don fansho, wato dubu huɗu da ɗari takwas. Su kuwa dubu shida da ɗari huɗu suka cire, sun haɗa har da alawus ɗin. Haraji da kuɗin ƙungiya dubu uku da ɗari shida, wannan daidai ne. Can ƙasa sai ga wani layi: bashin babur, dubu biyar. Abin da ya rage mata dubu sittin da biyar, alhali saba'in da ɗaya da ɗari shida ne haƙƙinta.

Na kira ta. "Yaya, yaushe kika karɓi babur?"

"Babur kuma? Ni da ko goyo aka yi mini sai na rufe ido?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Matar da take tsayawa kan mai naƙuda har ƙafafunta su kumbura, ita ake yanka wa kuɗin abin hawan da ba ta taɓa gani ba!

Ranar Litinin ta shigo motar haya zuwa Dutse, muka je ofishin da ake haɗa musu albashi. Jami'in da muka tarar ya kalli hoton takardar a wayata sama-sama.

"Hajiya, ki yi haƙuri, aikin kwamfuta ne."

"Malam," na ce, "wa ya shigar wa kwamfutar? Nuna mana inda ta sa hannu."

Yaya tana ta jan gefen hijabina wai in sassauta. Na ƙi. Da ƙyar ya binciko, ashe wani ma'aikaci ne ya karɓi babur ɗin, aka juya lambobi biyu na fayil ɗinsa, bashin ya faɗo kanta. Na tambaye shi rarar da aka cira da sunan fansho, ta shiga asusun ko tana ina? Ya ce wannan sai Oga, Oga kuma yana taro.

Wata na gaba albashinta ya fito daidai. Na baya kuwa, mun rubuta koke, mun yi ta zarya, Yaya ta gaji ta ce ta bar wa Allah. Ni ban bari ba. Har yau in na bi ta gaban ofishin nan sai na leƙa.