Hoton Kawu Da Wuta A Bayansa

Ina da ɗan shagon ɗaukar hoto kusa da babbar kasuwar Garwa, shi ya sa da almajiran kawuna suka ce a riƙa ɗora karatunsa a intanet, aikin ya faɗo kaina. Kawu yayan mahaifiyata ne, yana karantar da fiƙihu a zaurensa bayan la'asar, da Hausa, in ya ga Bafulatani a wurin ya maimaita da Fulatanci. Ni kan kafa kyamara, in yanka, in ɗora. Sunan da nake sa wa bidiyon kuwa shi ne "Darasi na goma sha bakwai", hoton gaba kuma duk abin da na'ura ta zaɓo. Mu da danginmu kaɗai muke kallo.

Wani abokina da ke buga allunan talla ya duba wayata ya yi dariya. Ya ce, "Wa zai danna darasi na goma sha bakwai bai ga na sha shida ba? Minyatir ɗinka ce matsala." Wato ɗan hoton nan da ake gani kafin a buɗe bidiyo. Nan take ya zauna ya haɗa mini wata. Ya tsamo inda Kawu ya buɗe baki zai yi atishawa, ya zuba wuta a bayansa, ya ja jar kibiya, ya rubuta: SIRRIN DA MALAMAI KE ƁOYEWA! A ƙasa ya liƙa aya don ado. Karatun kuwa na taimama ne.

Gaskiya, ta burge ni. Amma ban iya ɗorawa ba sai na nuna wa mai fuskar.

Kawu ya sa tabarau ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Ɗana, wannan wutar, ni ne a cikinta ko masu sauraro?" Ya yi dariya har da hawaye, ya kira Gwaggo matarsa ta zo ta ga mijinta yana ci da wuta. Da ya natsu ya ce, "Shekara talatin ina rabon taimama kyauta a zaure, yau ta zama sirri? Wanda ya shigo neman sirri ya tarar da ƙasa da tafin hannu, ai ƙarya na yi masa tun daga bakin ƙofa."

Sannan ya sa yatsa a kusurwar ƙasa ta dama, inda lambar tsawon bidiyo ta hau kan ƙarshen ayar ta rufe shi. Nan kam bai yi dariya ba. Ya ce kada in sake sa aya inda za a gutsure ta.

Na ce, "To Allah gafarta Malam, mutane ba sa dannawa."

"Me suke tambayata in an tashi karatu? Shi za ka rubuta."

A makon nan wani masunci daga Maga ya aiko da saƙon murya, yana tambayar yadda zai yi sallah in lokaci ya kama shi a tsakiyar ruwa. Kawu ya amsa cikin minti shida: ya fuskanci alƙibla, ya tsaya in zai iya, in yana tsoron kifewa ya zauna. Da sassafe na sauka bakin kogin Binuwai, na roƙi wani mai kwalekwale ya bar ni in ɗauke shi hoto daga nesa. Na rubuta kalma uku manya a sama, yadda za su karantu a ƙaramar waya: SALLAH A KWALEKWALE. A sunan bidiyon kuma na sa tambayar yadda masuncin ya yi ta, na ƙara fassarar Faransanci a bayanin ƙasa.

Bidiyon bai zagaye duniya ba. Amma masu dannawa sun ƙaru, kuma shafin ƙididdiga ya nuna yawancinsu suna kaiwa ƙarshe, tunda abin da suka zo nema shi suka samu. Tambayoyi suka yi ta zuwa, daga direbobin manyan motoci, daga mata masu sarin kifi, har wani mahauci daga Mora. Na koma tsofaffin darussa ɗaya bayan ɗaya ina sake musu suna da hoto, aikin da ya ci mini kusan wata biyu.

Abokina bai haƙura ba gaba ɗaya. Har yanzu yana cewa ko kibiya ɗaya in sa. Amma shi ya koya mini rubutu fari a kan duhu, kuma ranar da muka yi darasin zakkar shinkafa, da kansa ya ɗauko buhu a babur, muka yi ta juya shi a rana muna neman inda haske zai faɗa masa daidai.