Motar Ƙanen Maigida

Shekarar da na fara tuƙa keke mai lantarki, a wani bene a Bosso nake caji, ni da wasu direbobi biyu. Wutar da ke shiga gidan ba ta da yawa, shi ya sa mai gyaran wuta ya sa mana na'urar da ke auna abin da masu haya ke ja, ta raba mana ragowar wutar. In an kunna injin ruwa sai cajinmu ya ragu, in an kashe ya ƙaru. Ya kuma bar bututun waya guda babu komai a ciki, ya ce duk cajar da za a ƙara nan gaba, dole ta bi ta na'urar.

Sai ƙanen maigidan ya sayo mota mai lantarki. Ya ce shi ba zai jira rabo da 'yan keke ba, ya sa aka ja masa waya ta bututun nan kai tsaye, aka tsallake na'urar. Ranar wata Asabar da hantsi, matan gidan na guga, wutar gidan gaba ɗaya ta yanke, babbar waya ta yi baƙi.

Maigidan ya tara mu ya ce, "Kekunanku ne suka jawo."

Na ce, "Alhaji, wata nawa muna caji, ko ƙwai ɗaya ya taɓa ƙonewa? Je ka dubi wayar ƙanenka!"

Bai je ba. Mu aka kora, motar ta zauna. Yanzu Shango nake kai kekena, kuma har yau in na bi ta ƙofar benen nan raina ɓaci yake yi.